Ranar da mai ciwon suga ya kwanta ciwo: gwajin kiton da lokacin tafiya asibiti

Akwai wani lissafi da iyalan masu ciwon suga ke yi wanda a ido yake kama da hankali, amma shi ne ke kai mutane da yawa ɗakin gaggawa. Mara lafiya ya kamu da zazzaɓi, ya kasa cin abinci, sai a ce: "Tunda bai ci komai ba, a ɗaga masa allurar yau, kada sugansa ya faɗi." Ga wanda rayuwarsa ta dogara da insulin, musamman mai nau'i na ɗaya, wannan shawarar na iya jefa shi cikin halin da likitoci ke kira kitoasidosis, wanda a katin asibiti ake rubutawa DKA.

Ga yadda abin yake faruwa. Insulin ne ke shigar da suga daga jini zuwa cikin tsoka da sauran sassan jiki. Idan babu shi, suga ya taru a jini, jiki kuma yana jin yunwa, sai ya koma ƙona kitse. Hanta ke sarrafa kitsen nan, tana fitar da wasu sinadarai masu tsami da ake kira kiton. Kaɗan daga cikinsu ba komai ba ne, amma idan suka yi yawa jini ya yi tsami. A lokaci guda kuma yawan suga yana jan ruwa ya fita ta fitsari, jiki ya bushe. Abin da ake mantawa shi ne, zazzaɓi kansa yana ƙara wa jiki buƙatar insulin ko da mutum bai sa komai a baki ba.

Mu ɗauka ga wani yaro ɗan shekara 16 mai nau'i na ɗaya. Ranar Litinin da dare zazzaɓin cizon sauro ya kama shi, ya ƙi tuwo, aka bar allurar dare. Da safe yana shan ruwa kofi bayan kofi, yana zaryar banɗaki, bakinsa a bushe. Na'urar gwaji ta nuna 310. A nan ne ya kamata a gwada kiton. Ka'idar da aka saba bayarwa ita ce, duk lokacin da suga ya haura 250 mg/dL, wato kusan 14 mmol/L, ko 2.5 g/L kamar yadda ake ƙirgawa a asibitocin Nijar, ko kuma mai ciwon yana amai ko zazzaɓi, to a gwada.

Gwajin fitsari shi ne mafi sauƙi da araha. Tsinke ne mai ɗan fili a baki ɗaya, ana samunsa a manyan kemis. A yi fitsari sabo a kofi mai tsabta, a tsoma tsinken a cire nan take, a jira daidai daƙiƙun da aka rubuta a jikin kwalbar. Wasu 15 ne, wasu 40, kuma jiran da ya wuce haka yana ba da kala ta ƙarya. Sai a kwatanta da jerin kalolin da ke jikin kwalbar: idan bai canza ba babu kiton, ruwan hoda mai haske alama ɗaya ce (+), yana ƙara duhu zuwa shunayya ana samun ++ da +++. Daga ++ zuwa sama, maganar ta bar hannun gida.

Tsinken nan yana da iyaka, kuma ya kamata a san ta. Fitsarin da ke mafitsara ya taru ne cikin sa'o'i, don haka labarin ɗazu yake bayarwa. Kuma nau'in kiton ɗaya kawai yake gani, alhali wanda ya fi yawa a jinin mai kitoasidosis wani ne daban. Idan aka buɗe kwalba, yawanci bayan wata 6 ta tashi aiki, zafi da danshi kuma suna lalata ta tun kafin nan, don haka a rubuta ranar buɗewa a jikin murfin. Wanda ke da hali ya nemi na'urar da ke auna kiton a jini da ɗigo ɗaya daga yatsa. Tsinkenta daban yake da na suga, kuma ya fi tsada. Ƙasa da 0.6 mmol/L lafiya lau. Daga 0.6 zuwa 1.5 a sha ruwa, a yi insulin, a sake gwadawa bayan awa 2. Daga 1.6 zuwa 2.9 a kira likita a lokacin. Idan ya kai 3.0, a kama hanyar asibiti.

Mu koma kan yaronmu. A ce da safen nan tsinke ya nuna +, kuma yana iya riƙe ruwa a cikinsa. A yi masa allurarsa da ya saba, har da ƙarin insulin mai saurin aiki idan likitansa ya riga ya rubuta adadin da za a ƙara a irin wannan rana. Kada a ƙirƙiro adadi da ka. A riƙa ba shi ruwa kaɗan-kaɗan ba yankewa, a auna suga da kiton duk awa 2 zuwa 4, a kuma nemi maganin zazzaɓin. Idan suga ya sauko amma bai iya cin abinci, a ba shi kunu ko koko domin a ci gaba da allurar. Kada a ce ya fita ya motsa jiki don suga ya sauka, motsa jiki a wannan hali ƙara kiton yake yi.

A ce kuma an yi sakaci har la'asar. Yanzu yana amai, yana riƙe ciki, sai a ce ulsa ce ko taifot. Numfashinsa ya zama mai zurfi da sauri kamar wanda ya yi gudu, domin huhu na ƙoƙarin rage tsamin jinin. Bakinsa na wari irin na 'ya'yan itacen da suka nuna sosai, ko na ruwan goge jan farce. Daga nan sai magagi da sambatu, inda wasu gidajen ke fara zancen iska. Duk wanda ya ga amai da ya ƙi tsayawa, ko irin wannan numfashi, ko ruɗewa a jikin mai ciwon suga, kada ya tsaya neman tsinke. Yara ƙanana da masu juna biyu ma tun kafin nan ake kai su. Wanda ya fita hayyacinsa kuwa, ba a ɗura masa komai a baki. A kwantar da shi ta gefe a cikin mota.

Me ya sa ba za a yi ta zuba insulin a gida ba? Saboda jikin ya rasa lita da yawa na ruwa, wanda sai ta jijiya ake mayar da shi, kuma insulin yana tura fotasiyam daga jini zuwa cikin ƙwayoyin jiki. Idan fotasiyam ya faɗi ba a aunawa, bugun zuciya na iya rikicewa. Shi ya sa a asibiti ake haɗa ƙarin ruwa da insulin da fotasiyam, ana ɗiban jini a kai a kai.

Wani lokaci ba a tsallake allura ko ɗaya ba, insulin ɗin ne ya mutu. Zafin watan Afrilu da rashin wuta suna kashe kwalbar da aka bari a taga ko a mota. Inda babu firji, a sa ta a leda a ajiye cikin randar ƙasa mai sanyi. Masu nau'i na biyu da ke shan ƙwayoyin da sunansu ke ƙarewa da -gliflozin su kiyaye, domin su kitoasidosis na iya kama su suga bai kai 250 ba, musamman a azumi ko rashin lafiya. Haka yaron da ba a taɓa sanin yana da ciwon ba: idan yana ramewa, yana yawan ƙishi, ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, a auna sugansa a ranar.

Mai karatu, idan akwai mai allurar insulin a gidanku, a ziyarar asibiti ta gaba ku roƙi likita ya rubuta muku a takarda abin da za a yi ranar rashin lafiya, ku kuma sayi kwalbar tsinken kiton ku ajiye kusa da na'urar suga.