Kafin ka danna "saya": yadda ake karanta shagon wasan waya da ba ka jin yarensa

Wasannin waya da yawa kyauta ake sauke su, kuɗin kamfani yana fitowa ne daga shagon da ke cikin wasan. Wanda ya shiga irin wannan shago da rubutun Sinanci ko Japananci a gabansa yakan ɗauka yare ne kaɗai matsalarsa. To ko da an juya masa allon zuwa Hausa, akwai sauran aiki, domin shagon ba ya faɗa maka farashin abin da kake so kai tsaye. Yana sayar maka da wani kuɗin wasa, ka canza shi zuwa wani, shi ma ka canza, har lissafi ya ɓace maka a hanya.

Mu ɗauki Genshin Impact, wasan da kamfanin miHoYo na birnin Shanghai ya fitar a watan Satumban 2020. Shi ana iya sauya harshensa zuwa Turanci ko Faransanci daga saituna, kuma duk wasan da ya ba da wannan dama, da ita za a fara. Amma tsarin shagonsa shi ne na wasanni da dama da ba su da wannan sauƙi.

Abin da kuɗinka na gaske ke saya a ciki shi ne Genesis Crystals, wanda a allon Sinanci ake rubuta shi 创世结晶. Ana canza shi ɗaya bisa ɗaya zuwa Primogems, wato 原石, wanda kuma ana iya tara shi kyauta idan mutum yana buga wasan. Primogems 160 ke sayen tikiti guda, tikitin nan ne ake jefa ƙuri'a da shi ko za a dace da jarumin da ake so. Mataki uku ke nan tsakanin aljihunka da ƙuri'a, ita ƙuri'ar kuma sa'a ce. Canjin ma hanya ɗaya yake bi. Idan ka mayar da Genesis Crystals zuwa Primogems ba su dawowa, alhali tufafin jarumai na sayarwa da Genesis Crystals kaɗai ake biyan su. Wanda ya yi niyyar sayen riga ya danna maɓallin canji bisa kuskure, sai dai ya sake zuba wasu kuɗin.

Tikitin kansa iri biyu ne, farashinsu ɗaya, kuma dukansu ƙwallaye ne masu ƙyalli. Intertwined Fate, 纠缠之缘, mai launin ruwan hoda da shuɗi a haɗe, shi ke aiki a kan jarumin da aka kawo na ɗan lokaci. Acquaint Fate, 相遇之缘, mai launin shuɗi mai haske, na ƙuri'ar dindindin ne. Ba sai ka iya karanta harafin ba: buɗe allon jarumin da kake so, dubi ɗan hoton da ke jikin maɓallin ƙuri'a, ɗauki hoton allon, sannan ka koma shago ka gwada shi da abin da za ka saya.

Yanzu lissafi, kuma daga ƙarshe ake fara shi. A kowace ƙuri'a, yiwuwar samun jarumi mai tauraro biyar bai wuce kashi 0.6 cikin ɗari ba a farko. Wasan ya yi alkawarin cewa ba za ka wuce ƙuri'a 90 ba tare da ka samu ɗaya ba. Sai dai wanda zai fito ba lallai ya zama na jikin hoton ba, kusan rabi da rabi ne. Idan wani daban ya fito, mai tauraro biyar na gaba tabbas na hoton ne. Saboda haka marar sa'a na iya kaiwa ƙuri'a 180, wato Primogems 28,800. Ƙunshi mafi girma a shagon dala 99.99 ne, yana ba da 6,480 da gyaran 1,600, jimilla 8,080. Uku ba su isa ba. Jarumi ɗaya na iya cin sama da dala 350 ga wanda bai tara komai ba, kuma babu inda aka rubuta wannan adadi a allon shago.

A ƙasa ma akwai abin lura. Ƙunshin dala 0.99 yana ba da 60, wanda ko tikiti ɗaya bai kai ba. Na dala 4.99 yana ba da 330, tikiti biyu da ragowar 10. A ganina wannan ragowar da ba ta sayen komai ba kuskure ba ce, ita ce ke sa mutum ya ce bari in ƙara kaɗan. Haka alamar ninki biyu da ke manne a kan ƙunshi: ta sayen farko ce kawai a kowane ƙunshi. Wanda ya samu 600 jiya a kan dala 4.99, yau 330 zai samu. Kalmar 首充 a Sinanci ko 初回 a Japananci ita ke nuna garaɓasar karon farko.

Akwai kuma katin wata, 空月祝福, shi ma dala 4.99. Yana ba da Genesis Crystals 300 nan take, sannan Primogems 90 kullum har kwana 30, jimilla 3,000, kusan ninki tara na ƙunshi mai farashi ɗaya da shi. Ya fi araha nesa ba kusa ba, amma sai ka shiga wasan kowace rana. Ranar da data ta ƙare ko caji ya mutu, 90 ɗin wannan ranar sun tafi. Kuma ba zai amfani wanda jaruminsa zai bar allo jibi ba.

Wasannin Japan suna da wani tarkon nasu. Suna raba duwatsun wasa zuwa 有償, waɗanda aka saya da kuɗi, da 無償, na kyauta. Allon farko na iya nuna maka jimillarsu a haɗe, amma wasu ƙuri'o'i masu rangwame na saye kaɗai suke karɓa. Harafin farko ne kawai ya bambanta su.

Alamar ¥ ita ma tana yaudara, domin kuɗin Japan da na Sin duka suna amfani da ita. Babban ƙunshin Genshin a Sin ¥648 ne, kimanin dala 90, alhali 648 a kuɗin Japan 'yan daloli ne da ba su kai goma ba. Farashin da za ka amince da shi shi ne na ƙaramin allon Google Play ko App Store da ke tasowa kafin a cire kuɗi, kuma idan ba da kuɗin ƙasarka aka rubuta shi ba, bankinka zai yi canji da nasa farashin.

Shi wancan kaso na sa'a ba a ɓoye yake ba. Sin ta wajabta bayyana shi a 2017, Apple ya sa sharaɗin a ƙarshen shekarar, Google Play ya biyo baya a 2019. Nemi ɗan maɓalli a gefen allon ƙuri'a mai ɗauke da 详情, 概率 ko 提供割合, lambobin da ke ciki irin namu ne. Kada kuma a dogara da neman a dawo da kuɗi bayan an kashe duwatsun, domin a Genshin abin da aka kashe yakan koma bashi a asusun wasan, ya nuna ƙasa da sifili har sai an cike shi.