Minti biyar don bayyana yadda Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tsiro

Idan malamin tarihi ya ba ɗalibin sakandare minti biyar ya yi wa aji bayanin abin da ya jawo Yaƙin Duniya na Ɗaya, yawanci ɗalibin zai tafi kai tsaye birnin Sarayebo. Zai ce ranar 28 ga Yuni 1914 wani saurayi mai shekara 19 ya harbe yariman Ostiriya mai jiran gado da matarsa, sai duniya ta kama da wuta. Labarin gaskiya ne, amma ya bar babbar tambaya ba amsa. A shekarun nan an sha kashe manya a Turai, har da sarkin Italiya a 1900 da na Fotugal a 1908, kuma ba wanda ya tara runduna. Me ya bambanta wannan kisan? Ruwa ba ya tsami banza, kuma aikin mai jawabi shi ne ya nuna abin da ya tsamar da shi.

A fara da lissafi. Mai magana a natse yakan furta kalmomi kamar 120 a minti guda, don haka rubutun kada ya wuce kalmomi 600. Wannan ba zai ɗauki tarihin shekara 43 ba, daga 1871 zuwa 1914, sai an zaɓi zare ɗaya an bi shi. Zaren da na fi amincewa da shi shi ne wannan: sau uku manyan ƙasashen Turai suka kai bakin yaƙi suka janye, kuma kowane janyewa ya bar wata ƙasa da jin kunya da ƙudurin cewa ba za ta sake ja da baya ba.

Rabin minti na farko na Sarayebo ne, a faɗi kisan a jefa wa aji tambayar. Minti ɗaya na gaba ya shimfiɗa fagen. A 1871 Jamus ta ci Faransa da yaƙi ta ƙwace mata yankunan Alsas da Loren. Domin tsoron ramuwa, Jamus ta ƙulla ƙawance da Ostiriya a 1879, Italiya ta shigo a 1882. Faransa kuma ta samu Rasha a 1894, abin da ya sa Jamus a tsakiya, maƙiyi gabas maƙiyi yamma. A 1904 Birtaniya da Faransa suka sasanta rigingimunsu na mulkin mallaka: Masar ta zama rabon Birtaniya, Maroko rabon Faransa. A nan ɗalibinmu yana da abin da zai farkar da aji, domin a cikin wannan yarjejeniyar ce aka gyara iyakar da ke tsakanin Nijeriya da Nijar, don Faransawa su samu hanya mai rijiyoyi daga Kogin Kwara zuwa Damagaram da Tafkin Cadi. Takardar da ta kusantar da Landan da Faris ta taɓa ƙasar Hausa kai tsaye.

Tsakiyar jawabin, wajen minti biyu da rabi, nan ne ya kamata a zauna. Ga yadda ɗalibi zai iya faɗinsa da bakinsa:

"A 1905 Sarkin Jamus ya sauka a Tanja, ya nuna goyon bayansa ga 'yancin Maroko. Nufin gwamnatinsa shi ne ta gwada ko sabuwar abotar Birtaniya da Faransa za ta tsinke. Ba ta tsinke ba. A taron da aka yi kan batun a 1906, cikin manyan ƙasashe Ostiriya kaɗai ta tsaya wa Jamus. Saboda haka Jamus ta koma gida da yaƙinin cewa ba ta da aboki sai Ostiriya, kuma ba za ta yarda ta rasa ta ba.

"A 1908 Ostiriya ta haɗiye Bosniya, ƙasar da Sabiya ke ganin 'yan'uwanta ne a ciki. Sabiya ta kai kuka wurin Rasha. To, Rasha ba ta gama farfaɗowa daga kayen da Japan ta yi mata a 1905 ba, kuma Jamus ta tsaya bayan Ostiriya, sai dole Rasha ta haƙura. Saboda haka ta duƙufa gyara rundunarta, ta sha alwashin cewa wannan wulaƙanci ba zai maimaitu ba.

"A 1911 Faransa ta tura sojoji birnin Fas, Jamus ta aika jirgin yaƙi tashar Agadir. Birtaniya ta sake mara wa Faransa baya. Aka rarrashi Jamus da wani yanki na Kwango da aka haɗa mata da Kamaru, amma Jamusawa da yawa suka ga an raina su."

A lura da "saboda haka" da ke biye da aukuwa. Ita ce ma'aunin rubutun. Ɗalibi ya karanta abin da ya rubuta, duk inda ya ga "sannan kuma" ne kawai ke haɗa jimloli, to jerin shekaru ya yi, bai yi bayani ba, kuma aji zai manta kafin a tashi. Duk aukuwar da ba ta haifi ta gaba ba a cire ta, komai daɗinta. Gasar ƙera jiragen ruwan yaƙi tsakanin Birtaniya da Jamus jimla ɗaya ta ishe ta.

Minti na ƙarshe a sake shi da gudu, kamar yadda abin ya faru. Daga kisan zuwa shigar Birtaniya kwana 37 ne kacal. Jamus ta ba Ostiriya tabbacin goyon baya a farkon Yuli. Ostiriya ta miƙa wa Sabiya sharuɗɗa masu tsauri ranar 23, ta ayyana yaƙi ranar 28. Wannan karon Rasha ta tara runduna. Jamus ta ayyana yaƙi kan Rasha ranar 1 ga Agusta, kan Faransa ranar 3, ta ratsa Beljiyam, Birtaniya ta shigo ranar 4. Kafin watan ya ƙare, sojojin da aka ɗiba daga Arewacin Nijeriya suna fafatawa da dakarun Jamus a Garwa.

Akwai kuskure guda da nake roƙon malamai su hana, wato cewa ƙawance ya tilasta wa kowa shiga. Italiya tana cikin ƙawancen Jamus amma ta ƙi fita, a 1915 ma ta koma ɗaya ɓangaren. Birtaniya ba ta da alkawarin yaƙi a rubuce da Faransa, sai da ministocinta suka yi ta muhawara, keta Beljiyam ne ya rinjayi masu shakka. Mutane ne suka zauna suka zaɓa, kuma har yau masana tarihi suna jayayya kan wanda laifinsa ya fi girma. Ɗalibi ya faɗi nasa ra'ayin a jimla ɗaya tare da hujja.

Kafin ranar jawabi a gwada shi da agogo, da murya a sarari, a gaban wani ƙane ko ƙanwa. A zana taswirar Turai a allo da alli kala biyu, domin yawancin ajin ba su san inda Sabiya take ba. Idan lokaci ya gaza, a rage daga shimfiɗa, kada a taɓa rikice-rikicen uku.