Wane Abu Ne, Kuma Sosai Kamar Yaya?

Duk malamin da ya taɓa duba insha'in ɗalibai ya san irin wannan sakin layi, wanda ake samu idan an ce yara su siffanta mai fura da nono a kasuwa:

“Mai furar ta zauna a ƙarƙashin wata bishiya da kayanta. Ta ɗauko wani abu ta zuba nono a cikin wani abu, ta yi ta yi har ya haɗu sosai. Nonon fari ne sosai, kuma yana da sanyi sosai. Mutane da yawa sun zo suna saye saboda rana ta yi zafi sosai.”

Babu kuskuren nahawu ko ɗaya a ciki, ƙa'idar rubutu ma ba a karya ta ba. Amma rufe idonka ka gwada ganin matar nan. Wace bishiya ce? Me ke gabanta? Me hannunta yake yi? Jimla huɗu ne kacal, an sa “abu” sau biyu, “sosai” sau huɗu, ga “kaya”, ga “wata”, ga “da yawa”. Kowace ɗaya daga cikinsu ta tsaya ne a gurbin wata kalma da ya kamata a ce ita ce a wurin.

A hira ta baki da baki waɗannan kalmomi ba sa cutar da kowa. Uwa ta ce wa 'yarta “miƙo min abin nan”, ta nuna da baki, yarinya ta ɗauko muciya. Idon yarinyar da nunin uwar su suka cike giɓin. Shi kuwa mai karatu ba ya wurin, ba ya ganin inda ake nunawa. Abin da aka rubuta masa shi ne iyakar abin da yake da shi, don haka idan aka ce masa “wani abu”, an bar shi hannu rabbana.

Gyaran yana farawa ne daga suna. Duk inda ka ga “abu” ko “kaya” a rubutunka, tsaya ka tambayi kanka: da mai sana'ar ce take magana, me za ta kira shi? Mai fura ba za ta ce “kayana” ba idan tana lissafa su. Za ta ce ƙwarya, da faifan da take rufe ta, da ludayin ɗiba, da ƙoƙon da take dama wa mai saye a ciki. Har shi kansa nonon bai tsaya a suna ɗaya ba. Wanda aka tatso yanzu madara ne, wanda ya yi barci da mansa a ciki kindirmo ne, wanda aka kaɗe aka cire masa mai kuwa tsala ne. Marubucin da ya ce kindirmo ya riga ya gaya maka kauri da garɗi, har ma ya nuna maka cewa kuɗinsa zai ɗara na tsala, duk da kalma ɗaya. Haka “wata bishiya”. Tsamiya ce, ko darbejiya, ko ceɗiya? Wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san inuwar kowacce, kuma da jin sunan hoton zai faɗo masa.

Bayan suna sai aikatau, kuma a nan ne na fi jin takaicin asarar da muke yi. “Ta yi ta yi har ya haɗu” ba ta nuna motsin hannu ko ɗaya ba, alhali Hausa ta raba ayyukan hannu daki-daki. Dubi hanyar da gero yake bi kafin ya zama fura. Ana sussuka shi a raba tsaba da zangarniya, a sheƙe ƙaiƙayi, a surfa a turmi don dusa ta saki, a bakace da faifai, a wanke, a daka ko a kai niƙa, a tankaɗe da rariya. Sannan a cura garin a jefa a tafasasshen ruwa, idan ya dahu a kirɓa a turmi, a sake curawa a barbaɗe da gari. Surfe da daka da kirɓi duk a turmi ɗaya ake yin su, da taɓarya ɗaya, amma matar da take aikin ba za ta taɓa rikita su ba, domin abin da ke cikin turmin daban ne, sautin da yake fita ma daban. Wanda ya rubuta “tana aiki a turmi” ya zubar da wannan duka. Kuma fura damawa ake yi, tuwo a tuƙa, miya a kaɗa ta. Idan ka ce an tuƙa fura, duk wata mai girki da ta karanta za ta san ba ka taɓa tsayawa kusa da madafa ba.

“Sosai” da 'yan'uwanta, wato “ƙwarai” da “matuƙa” da “gaske”, matsalarsu iri dabam ce. Suna ƙara ƙarfi, amma ƙarfi iri ɗaya suke ƙara wa komai: fari sosai, zafi sosai, tsufa sosai, gudu sosai. Kafin a kai ƙarshen shafi kunnen mai karatu ya daina jin su. Harshenmu kuwa yana da wasu kalmomi da masu nazari suke kira amsa-kama, waɗanda kowacce take da abokiyar tafiyarta. Fari fat ne, baƙi ƙirin ko wuluk, ja wur, kore shar. Sabo fil, tsoho tukuf. Tufa ta jiƙe sharkaf, gyaɗa ta bushe ƙayau, tuwo ya ƙone ƙurmus, ɗaki ya yi tsit, mota ta tsaya cak, mai barci ya tashi firgigit. Lura da yadda “ƙayau” take ɗauke da ƙarar busasshen abu idan an taɓa shi, “sharkaf” kuma take da nauyin ruwa a jikin riga. “Sosai” ba ta iya wannan.

Sai dai amsa-kama tana da sharaɗi biyu. Na farko, ba a yi mata musaya. Ba a cewa baƙi fat ko ja ƙirin, kuma idan kana shakkar wadda ta dace, faɗi jimlar da ƙarfi; kunnen Bahaushe yakan kama kuskuren kafin ido. Na biyu, ba a cika ta. Gishiri ce a miya: ɗan kaɗan yana fito da ɗanɗano, idan ya yi yawa ba a iya ci. Sakin layin da kowace jimlarsa ta ƙare da fat da wur da tim ya koma tatsuniyar yara, ko da maganar manya ake yi. Ɗaya ko biyu a sakin layi sun wadatar.

To ina za a kai sauran “sosai” ɗin? Wata a share ta kawai, a ga jimlar ta tsaya da ƙafarta. Wata a haɗe ta da kalmar da take bi su zama kalma ɗaya mai ƙarfi: “babba sosai” ya zama ƙato ko makeke, “ya gaji sosai” ya zama ya galabaita, “ya ji tsoro sosai” ya zama ya firgita ko ya razana. Hanyar da ta fi duka kuwa ita ce a kawo shaida. Maimakon “rana ta yi zafi sosai”, nuna abin da zafin ya sa mutane suka yi. Maimakon “mutane da yawa”, ƙirga su, ko ka faɗi su waye.

Ga sakin layin nan bayan an bi shi kalma-kalma:

“Mai furar ta zauna a gindin tsamiya, ƙwaryar nono a gabanta rufe da faifai. Ta murtsuke curin fura biyu a ƙoƙo, ta ɗebo kindirmo da ludayi ta zuba, ta dama har gudaji suka mutu. Nonon fari fat, sanyinsa yana ratsa ƙoƙon zuwa tafin hannu. Leburori uku da wani ɗan acaɓa suna tsugune a inuwa suna jiran layi, ɗan acaɓan yana share gumi da hularsa.”

Har yanzu jimla huɗu ne. Tsawon ya ɗan ƙaru, amma ba a ƙara wani ado ba, ba a kuma nemo kalma mai wuya ba. Ludayi da faifai kowane yaro ya san su. Ba a ambaci rana ko sau ɗaya ba, duk da haka zafinta yana nan a inuwar da mutanen suka fake da gumin da ake sharewa. An kuma bar “wani” guda ɗaya, a “wani ɗan acaɓa”, domin a can aikinta take yi, tana gabatar da mutumin da ba a ambata ba a baya.

Wannan ya nuna cewa ba kowane “abu” ne abin kora ba. “Abin da ya faru” da “abin hannu” ginin harshe ne, ba kasala ba. Mai ƙagaggen labari yana iya cewa “wani abu ya gifta a duhu” da gangan, domin jarumin bai gane ko mene ne ba, kuma ana so gaban mai karatu ya faɗi tare da nasa. Al'adar kunya ma tana sa a sakaya wasu zantuka. Sannan a cikin zancen mutanen labari, bar su su yi magana yadda mutane suke yi. Tsohuwar da ta ce “ɗauko min abin nan” ta fi gaskiya a kunne.

Akwai kuma haɗarin da ya fi kasala muni, wato takamaimiyar kalma wadda ba gaskiya ba ce. Ɗan jarida ko mai ba da shaida da ya hango wani abu yana ƙyalli a hannun mutum, idan ya rubuta “wuƙa” don jimlarsa ta yi kaifi, ya yi ƙarya, kuma ƙaryar tana iya kai wani gidan yari. A irin wannan wuri, faɗi iyakar abin da ido ya gani: siriri ne, yana ƙyalli, tsawonsa kamar taƙi ɗaya. Wannan ma siffantawa ce takamaimiya, ba ta dai wuce sanin mai ita ba.

Idan kalmar ta ƙi zuwa, sau da yawa dalilin shi ne marubucin bai kalli abin da kyau ba, ko bai san sunansa ba. Ƙamus yana taimakawa: akwai na Bargery da aka buga a 1934, cike da sunayen kayan sana'a da yawancin 'yan birni suka manta, akwai kuma Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, wanda yake bayanin Hausa da Hausa. Amma ƙamus yana tabbatar maka da kalmar da ka riga ka ji ne. Wadda ba ka taɓa ji ba, a bakin masu sana'a take: maƙeri, masaƙi, mahauci, mai girki. Je ka nuna ka ce, “Baba, wannan me ake ce masa?” ko “Inna, wannan aikin da kike yi fa, yaya sunansa?” Ka kuma tuna cewa kalmar Sakkwato tana iya zama baƙuwa a Kano ko Damagaram. Idan ka yi amfani da irinta, gina jimlar yadda aikin abin zai bayyana a cikinta, kamar yadda “ta ɗebo kindirmo da ludayi” take nuna wa wanda bai san ludayi ba cewa da shi ake ɗiba.