Makin Bashi: Yadda Ake Haɗa Shi da Abin da Banki Ke Karantawa

A Amurka, mutum zai shiga banki neman rancen sayen gida ko mota, kafin ya gama gabatar da kansa an riga an duba wata lamba da ke rataye da sunansa. Wadda aka fi amfani da ita ita ce ta kamfanin FICO, da ta fito a 1989, tana kuma tashi daga 300 zuwa 850. Ita ce makin bashi. Tambaya guda take amsawa: idan aka ba wannan mutum rance, yaya yiwuwar ya yi kwana 90 bai biya ba cikin shekara biyu masu zuwa?

Ba a tambayar mai neman rance komai wajen haɗa makin. Bankuna ne ke aika bayanan masu bashi duk wata zuwa kamfanonin tattara bayanai uku, Equifax da Experian da TransUnion, daga nan ake lissafi. Albashi ba ya ciki, haka kuɗin ajiya. Attajiri mai wasa da biya zai iya zama ƙasa da direban tasi da bai taɓa saɓa rana ba.

Kaso mafi tsoka, 35 cikin 100, na tarihin biya ne. Jinkirin kwana biyu ko uku ba ya shiga rajista, sai ya kai kwana 30. Amma da zarar ya shiga, shekara bakwai zai yi a wurin, ko da an biya daga baya, sai dai nauyinsa yana raguwa da tafiyar lokaci.

Na biyu, mai 30 cikin 100, shi ya fi ruɗa mutane, domin yana auna bashin da ke kanka ne da iyakar da aka yarje maka. A ce wata mata tana da katin bashi biyu, ɗaya iyakarsa dala 3,000, ɗayan 2,000. Ta kashe 1,500 a na farko, na biyun yana ajiye. Jimillar iyakarta 5,000, ke nan ta taɓa kashi 30 cikin 100. Sai ta ga katin da ba ta amfani da shi ba shi da rana, ta rufe shi. Yanzu iyakarta ta koma 3,000, bashin yana nan 1,500, ta zama mai cin rabin abin da aka ba ta. Ko sisi ba ta ƙara ranta ba, amma makinta zai iya sauka, don lissafin yana kallon wanda ya doshi iyakarsa a matsayin wanda ruwa ya fara kai wa wuya. Akwai kuma wani tarko: yawancin bankuna suna aika adadin da ke kan kati ne a ranar rufe lissafin wata. Wanda ya cika katinsa sannan ya biya duka bayan wannan rana, rajista za ta nuna shi da kaya niƙi-niƙi. Maganin shi ne a biya kafin ranar.

Ragowar sun fi sauƙi: daɗewar asusu 15, neman sabon bashi 10, gaurayar nau'o'in bashi 10. Duba makinka da kanka ba ya rage shi, amma buga ƙofar bankuna da yawa neman kati a ɗan lokaci yana ragewa.

Banki na karanta makin ne a matakai. Daga 670 zuwa sama ana ɗaukarsa mai kyau, ƙasa da 580 kuwa mai rauni. Da shi ake yanke ko za a bayar, nawa za a bayar, da kuɗin ruwan da za a ɗora. Sannan banki ya nemi takardar albashi daban don ya ga ko mutum zai iya ɗaukar nauyin.

Inda tsarin ya gaza, a ganina, shi ne makantarsa ga duk abin da ba a rubuta ba. Wanda bai taɓa cin bashin banki ba, ba shi da maki sam, domin FICO na bukatar asusun da ya kai wata shida. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Najeriya ma tana da kamfanonin tattara bayanan bashi masu lasisin Babban Banki, da dokar 2017 da ta tsara aikinsu, amma ɗan kasuwar da ya shekara ashirin yana zuba adashi yana karɓar kaya bashi a Kantin Kwari ba tare da saɓa alkawari ba, rajista ba ta san da shi ba. Ƙaramin rancen waya da ya manta kuwa zai iya bayyana.

Rajistar ma takan yi kuskure: bashin da aka biya ya ci gaba da nunawa, ko a jingina maka na wani. Kafin ka nemi rance, nemi rahoton bashinka ka karanta layi-layi, abin da ba naka ba ka rubuta ƙorafi a gyara.