Ƙafar ƙarshe: yadda ake tsara wurin alwala a banɗaki

A tsofaffin gidajen Sabon Birni da Isa, alwala aikin tsakar gida ce. Mutum ya ɗauki buta da 'yar kujera ya zauna kusa da rariya, rairayi ya shanye abin da ya zuba. Sababbin gidaje masu tankin ruwa a sama sun shigar da alwala banɗaki, amma da yawan magina ba su tanadar mata wuri ba. Sai a kafa kwanon wanke hannu daidai ƙugu, a bar dattijo yana ɗaga ƙafa ɗaya zuwa cikinsa, ɗayar tana kan tayil mai santsi. Nan ne haɗarin yake, domin wanke ƙafa shi ne ƙarshen alwala, lokacin da ƙasa ta riga ta jiƙe.

Malamai ma suna da magana a kai. A fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukan Gobir, makaruhi ne yin alwala a wuri mai najasa. Don haka ƙa'ida ta farko ita ce a raba gefen masai da gefen alwala, ko da da 'yar katanga mai tsayin ƙafa uku.

A ɗauki banɗaki mai faɗin ƙafa 5 da tsawon ƙafa 7, irin wanda ake yi a cikin ɗakin maigida. Birkilan da ya san aikinsa daga magudana yake farawa, famfo na zuwa daga baya. Zai bar kwalbati a jikin bangon da ya fi nesa da ƙofa, faɗinsa inci 12, zurfinsa inci 5 ko 6, sannan ya karkatar da daɓen gaba ɗaya zuwa gare shi, kwatan inci a kowace ƙafa. A tsawon ƙafa 6 da suka rage bayan an cire faɗin kwalbatin, bakin ƙofa zai fi bakin kwalbatin tudu da inci ɗaya da rabi. Ido ba ya ganin wannan gangare, amma ruwa na binsa. Kafin a sallami magini, a kwara bokiti guda a bakin ƙofa. Duk inda ruwa ya kwanta, akwai lotsawa a nan, kuma nan gansakuka za ta fito da damina.

Sai wurin zama. Dakali mai tsayin inci 16 zuwa 18 ya dace da yawancin manya, kuma bulo biyu a kan juna sun kai kusan inci 18. Idan ya gaza haka, mai ciwon gwiwa zai sha wuya wurin tashi. Idan ya zarce, gajeren mutum ba zai kai ga diddigensa ba. A gina shi a bakin kwalbatin, da ɗan fili na ajiye takalmi, a kuma kafa ƙarfen dafawa a bango saboda tsofaffi da masu juna biyu.

Kan famfo, na rabin inci, ya zauna kamar inci 28 daga daɓe, ya miƙo daga bango inci 6, yadda ruwansa zai faɗa tsakiyar kwalbati. Tazararsa da bakin dakali kada ta wuce abin da hannu zai kai ba tare da an miƙe ba, wato kamar inci 16. Famfon da aka ɗaga sama fantsama yake yi, ya jiƙa wando da zane. Wanda aka saukar da yawa kuma ba ya barin gwiwar hannu ta shiga ƙarƙashinsa. Hanya mafi sauƙi ita ce maigida ya zauna a kan bulo kafin a fasa bango, ya kwatanta wanke hannu har gwiwa, mai aikin famfo ya sa alama da gawayi. Ruwa kaɗan ya isa: ya tabbata a hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi alwala da mudu guda, abin da bai kai lita ba.

A cikin kwalbatin a sa ɗan tudu mai inci 3 na ɗora diddige, don a tsattsefe yatsu ƙafa ba ta cikin ruwan da ke gudu. Daɓen siminti kuwa kada a goge shi da cokalin ƙarfe har ya yi ƙyalli. A ja masa tsintsiya tun yana ɗanye, ko a sayi tayil mai kaushi, a gwada shi da jiƙaƙƙen tafin hannu tun a shago.

Ruwan ya fita ta bututu mai inci 2 zuwa raminsa na dabam. A ƙasar rairayi irin ta bakin gulbin Rima, ruwan wanka da na alwala idan aka tura su ramin masai suna saurin cika shi, suna kuma cin bangonsa. Yashin da ƙafa ke shigowa da shi yakan toshe bututun, don haka a sa marfi mai huda a bakinsa, wanda za a iya ɗagawa a kwashe yashin duk mako.