Filasta, Cingam da Alawar Nikotin: Bambancinsu da Yadda Ake Zaɓar Ma'aunin Farko ga Mai Yawan Shan Taba

Gabatarwa

Manufar wannan lacca ita ce bayyana bambancin da ke tsakanin magunguna uku waɗanda ake ba wa mai son barin taba sigari, watau filastar da ake mannawa a fata, da cingam, da kuma alawar tsotsa. Daga nan sai a duba yadda ake zaɓar wa mai yawan shan taba ma'aunin da zai fara da shi.

Dukkan ukun sinadari guda ne a cikinsu, shi ne nikotin. Wannan sinadari shi ke sa mutum ya kamu da jarabar taba, amma ba shi ne babban mai yin ɓarna ba. Kwalta da iska mai guba da ke cikin hayaƙin su ne kan gaba wajen jawo sankarar huhu da ciwon zuciya. Saboda haka hikimar maganin ita ce a ba wa jiki nikotin ɗin da ya saba da shi ba tare da hayaƙi ba, sa'an nan a yi ta rage shi sannu a hankali. A ƙasar Suwidin aka fara ƙirƙiro cingam ɗin, aka soma sayar da shi a Suwizalan a 1978. A 2009 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cingam da filasta cikin jerin muhimman magungunanta.

Inda Bambancin Yake

Babban abin da ya raba waɗannan magunguna shi ne saurin isar nikotin cikin jini. Idan mutum ya zuƙi hayaƙin taba, nikotin kan isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20. Babu ko ɗaya daga cikin magungunan uku da ya kusanci wannan sauri, abin da ya sa ke nan ba su cika kama mutum kamar yadda taba ke kama shi ba.

Filasta ita ce mafi nawa. Tana tsiyayar da nikotin ta cikin fata kaɗan-kaɗan, sai bayan wasu sa'o'i ne yakan kai ƙarfinsa a jini, amma da zarar ya kai sai ya tsaya daram har tsawon yini. Iri biyu ce. Akwai ta awa 24, wadda ake kwana da ita, mai miligiram 21 ko 14 ko 7. Akwai kuma ta awa 16, wadda ake cirewa in za a kwanta, mai miligiram 25 ko 15 ko 10. Kowace safiya ake manna sabuwa a busasshiyar fata marar gashi, kamar dantse ko ƙirji ko kwankwaso, a danne ta da tafin hannu na ɗan lokaci. Wajibi ne a riƙa sauya mata wuri kullum, domin in aka nace wa wuri guda fatar takan yi ja ta yi ƙaiƙayi. Lokacin zafi gumi kan ɓamɓare ta, don haka kada a shafa mai a inda za a manna. Amfaninta shi ne ba ta bukatar a yi ta tunawa da ita. Rauninta kuwa shi ne ba ta kai ɗauki a lokacin da marmarin taba ya taso ba zato, alal misali bayan cin abinci ko sa'ad da rai ya ɓaci.

Nan ne cingam da alawa suke shigowa. Su ta fatar cikin baki nikotin ɗinsu yake ratsawa, ana fara jin aikinsu cikin 'yan mintoci, yakan kai ƙarfinsa cikin kamar rabin awa. Dukkansu akwai mai miligiram 2 da mai miligiram 4.

Cingam ɗin ba a tauna shi irin na 'yan makaranta. Ana tauna shi a hankali har sai an ji yaji-yaji a baki, sai a tsaya, a ajiye shi tsakanin kunci da dasashi. In yajin ya lafa sai a sake taunawa, a sake ajiyewa, har kimanin minti 30. Wanda ya yi ta tauna ba tsayawa zai haɗiye nikotin tare da miyau. Abin da ya shiga ciki kuwa hanta ce ke lalata yawancinsa, sai mutum ya ƙare da shaƙuwa da ƙwannafi da tashin zuciya, ga kuma marmarin taba bai kwanta ba.

Alawa ba ta da wannan wahala. Sanya ta kawai ake yi a baki, ana juya ta daga wannan kunci zuwa wancan har ta narke cikin minti 20 zuwa 30, ba tauna, ba haɗiya. Da yake narkewa take yi gaba ɗaya, takan ba da nikotin fiye da cingam mai lamba ɗaya da ita da kamar kashi ɗaya cikin huɗu. Ita ta fi dacewa da mai haƙoran roba, da mai ciwon muƙamuƙi, da ma'aikacin da ba zai so a gan shi yana tauna a gaban manya ba.

Akwai ƙa'ida guda da ta haɗa cingam da alawa: nikotin ba ya ratsa fatar baki sosai idan bakin yana da tsami. Saboda haka ba a ci ba a sha, in ban da ruwa, minti 15 kafin a sa su, kuma ba a cin kome suna baki. Wanda ya kurɓi kofi ko lemon kwalba ko zoɓo ko kunun tsamiya, nan take ya jefa alawa a baki, ya yi asarar rabonsa.

Tambayoyi Biyu Kafin a Zaɓi Ma'auni

Tambaya ta farko ita ce: kara nawa mutum yake sha a rana? Ita ce ke yanke ƙarfin filasta. Wanda yake shan fiye da kara 10 da mai miligiram 21 zai fara, ko mai 25 in ta awa 16 ce. Wanda bai wuce 10 ba da mai 14 zai fara.

Tambaya ta biyu ita ce: minti nawa yake yi bayan ya farka kafin ya kunna karan farko? Wannan tambaya tana cikin gwajin da masanin nan ɗan Suwidin, Karl Fagerström, ya fitar a 1978. Dalilinta kuwa shi ne duk bayan kamar awa biyu rabin nikotin ɗin da ke cikin jini yake ɓacewa, don haka kafin gari ya waye saura kaɗan ya rage. Wanda jikinsa ya kamu ƙwarai ba ya iya jira. Idan cikin minti 30 na farko yake kunnawa, cingam ko alawa mai miligiram 4 ce tasa. In ya wuce haka, mai 2 ta ishe shi. A wasu ƙasashe da yawan kara ake aunawa, a ba wa mai shan fiye da 20 a rana mai miligiram 4. Mai yawan shan taba dai ta kowace hanya aka bi wuri guda ake isa.

Misali

A ɗauki wani akawu ɗan shekara 45, mai shan kara 30 a rana, watau kwali ɗaya da rabi. Minti 10 bayan ya farka yake kunna na farko. Yana da haƙoran roba guda biyu, kuma ma'abocin goro ne.

Kowane kara yakan shigar da kimanin miligiram 1 na nikotin cikin jini, wani lokaci fiye. Ke nan jikin wannan akawu ya saba da miligiram 30 ko fiye a rana. Filasta mafi ƙarfi ta awa 24 kuwa 21 take bayarwa. Wannan ƙididdiga kintace ce kawai, amma ta isa ta nuna cewa akwai giɓi, kuma filasta ita kaɗai ba za ta riƙe shi ba. Abin da ya dace shi ne a haɗa masa biyu: filasta ta zama tushe, magani mai sauri kuma ya cike giɓin. Binciken da ƙungiyar Kokaren ta tattara a 2019 ya nuna cewa haɗa biyun yakan ƙara yiwuwar barin taba da kamar kashi ɗaya cikin huɗu a kan amfani da iri guda.

Da yake marmarinsa da asuba ya fi tsanani, filastar awa 24 ta fi masa, domin zai farka da nikotin a jininsa. Saboda haƙoran roba kuma alawa za a ba shi, ba cingam ba. Galibi mai miligiram 2 ake haɗawa da filasta, amma mai kunna taba minti 10 bayan farkawa ana iya ɗora shi a kan mai 4. Zai riƙa sa ta kafin lokutan da ya san marmari na zuwa, kamar bayan karin kumallo da kafin ya hau teburin aiki, ba sai abin ya ci ƙarfinsa ba. Kada ya wuce iyakar da aka rubuta a takardar maganin, wadda takan kasance 15 ko 20 a rana.

Zai yi mako 6 a kan filasta mai 21, mako 2 a kan mai 14, mako 2 a kan mai 7. Alawar kuma sai ya yi ta tsawaita tazarar da ke tsakaninta har zuwa mako na 12. In ya ga saukowar ta girgiza shi, gara ya ƙara kwanaki a kan matakin da yake da ya koma wa taba.

Yadda Za a Gane Ma'auni Bai Yi Daidai Ba

Idan maganin ya yi kaɗan, mutum zai ga fushi ba dalili, da rashin natsuwa, da kasa mai da hankali ga aiki, da marmarin da ba ya kwantawa. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, domin mutane kan tsorata da maganin su riƙa shan uku ko huɗu a rana, alhali mai amfani da cingam ko alawa kaɗai ana so ya sha aƙalla 9 a rana cikin makonni 6 na farko. Idan kuwa ya yi yawa, za a ga tashin zuciya da jiri da zufa mai sanyi da bugun zuciya da sauri. Sai a dakatar da alawa, in abin bai lafa ba a cire filasta a nemi likita. Wanda filasta ta hana shi barci ko ta sa shi yawan mafarki sai ya riƙa cire ta in zai kwanta.

Goron akawun nan ma abin lura ne. Hayaƙin taba yana sa hanta ta yi saurin sarrafa sinadarin kafin da ke cikin goro da kofi da shayi. In an bar taba sai wannan sauri ya ragu, goron da bai dame shi a da ba sai ya fara hana shi barci, ya sa masa rawar hannu, shi kuma ya ɗora laifin a kan filasta. Maganin abin shi ne ya rage goron. Haka abin yake ga wasu magungunan asma da na taɓin hankali, don haka mai shan su ya sanar da likitansa kafin ya bar taba.

Kammalawa

An ga cewa filasta ce ke riƙe yini, cingam da alawa su ke tare marmarin da ya taso. Yawan kara ke zaɓar filasta, lokacin karan farko ke zaɓar cingam ko alawa, kuma mai yawan shan taba ya fi dacewa da haɗin biyun. Wanda yake shan fiye da kara 40 a rana wani lokaci likita kan manna masa filasta biyu, amma wannan hukunci na likita ne. Haka nan mace mai ciki ko mai shayarwa, da wanda bai daɗe da samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba, da wanda bai kai shekara 18 ba, kada su fara sai da shawarar likita. Daga ƙarshe, filastar da aka cire da sauran nikotin a jikinta, sai a naɗe ta a jefar inda hannun yara ba ya kaiwa.