Shekara Bakwai Ba Ita Ce Ƙarshen Magana Ba

Kusan duk wadda aurenta ya mutu a cikinmu ta ji wannan magana: "Ki riƙe shi, in ya kai shekara bakwai za mu zo mu ɗauka." Daga Maraɗi har Damagaram haka aka saba, har wasunmu sun ɗauka doka ce rubutacciya. Al'ada ce. Alƙali yana duba ta, amma ba a nan yake tsayawa ba.

Nijar ba ta da kundin dokar iyali. Dokar tsarin kotuna ta 2018 ta ce a sha'anin aure da saki a bi al'adar masu shari'ar, shi ya sa ake zaunar da masana al'ada kusa da alƙali. Sai dai da sharaɗi: kada al'adar ta saɓa wa yarjejeniyoyin duniya da ƙasa ta amince da su. A 1990 Nijar ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara, wadda ta ce a duk hukuncin da ya shafi yaro a sa maslaharsa a gaba, kuma a saurari yaron da ya yi wayo. Ko a mazhabar Malikiyya da muke bi, renon yaro na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin mijinta. In uwar ta yi wani aure, kaka ta wajen uwa ce ke biye.

To, yaya alƙali yake gane maslahar yaro? Mu ɗauki misali. Mai tuyar ƙosai ce da ƴaƴa biyu, namiji mai shekara takwas da mace mai shekara huɗu. Tsohon mijinta direban babbar mota ne. Ya ce namijin ya wuce bakwai, a ba shi ɗansa.

Alƙali zai so ya san yadda yinin yaron yake. Wa ke tashinsa da safe? Wa ke kai shi likita in zazzaɓi ya kama shi? In uban yakan yi kwana goma a hanya, ashe ba hannunsa yaron zai koma ba, hannun matarsa ne, kuma ita ma za a duba yadda take da shi. Za a duba makaranta: in an ɗauke shi tsakiyar shekara zuwa wani gari, karatun ya tsaya ke nan? Za a duba ko raba shi da ƙanwarsa zai cutar da su. Alƙali yana iya tura ma'aikacin jin daɗin jama'a ya ga gidajen biyu, ya ji ta bakin maƙwabta da malamai. Yana iya tambayar yaron kansa, amma ba yaron ke yanke hukunci ba.

Ita ma uwar ba a ƙyale ta ba. In ta cire yaron daga makaranta ta ɗora masa talla tun safe har magariba, ko tana hana uban ganinsa, wannan zai yi mata nauyi. Talauci kaɗai kuwa bai isa hujjar raba ta da ɗanta ba, domin ciyarwa tana kan uba ko yaron yana hannun wa. Alƙali yana iya yanka kuɗin ciyarwa da na makaranta gwargwadon samun uban.

Inda muka fi faɗuwa shi ne mu tafi da kuka kawai, ko mu ɓata lokaci muna jera laifuffukan da ya yi mana a zaman aure. Ba wannan ake aunawa ba. Ki tafi da takardar haihuwar yaro, da katin likitansa, da sakamakon makaranta, da shaidun da suka san wa ke kula da shi. Littafinki na asusu ma yana iya nuna kina da sana'a kuma kina zubi a kan kari.

In kun yi sulhu gaban mai unguwa ko sarki, madalla, amma su sulhu suke yi, ba hukunci ba. A kai yarjejeniyar kotu a tabbatar da ita a rubuce: wa zai riƙe, nawa za a bayar duk wata, yaushe ɗayan zai ga yaron. Alkawarin baki, ranar da aka karya shi ba ki da abin nunawa.

In hukuncin bai yi miki ba, ki tambayi magatakardan kotu wa'adin ɗaukaka ƙara a ranar, don in ya wuce ya wuce. Kuma in hali ya sake daga baya, misali an daina kai yaron makaranta ko ana dukansa, kina iya komawa ki nemi a sake dubawa. Kada dai ki je ki ɗauko shi da ƙarfi, domin wannan zai zama hujja a kanki.